In Lissafin Maki Ya Fito A Karkace, Ina Za A Fara Dubawa?

Na taɓa taya wani ɗalibinmu haɗa makin yara, lokacin da yake koyarwar gwaji a wata makarantar firamare a unguwar Hammadu Kafi, nan cikin Gombe. Da Excel muka yi aikin, muka gama da wuri muna murna. Kashegari sai ga wata yarinya ta zo da takardunta a hannu, ta ce, "Malam, ni 75 na ci, amma an rubuta mini 63." Muka lissafa da alƙalami, ashe ita ce da gaskiya. Tun daga ranar nake tara tambayoyin da masu koyo suke yi mini a kan wannan al'amari. Ga su nan tare da amsoshinsu.

Ga yadda muka tsara takardar. Gwaji na farko yana ƙarƙashin B, maki 20 ne. Gwaji na biyu yana ƙarƙashin C, shi ma 20. Jarrabawa tana ƙarƙashin D, maki 60, jimla kuwa a E. Kowane yaro da layinsa, yarinyar nan ita ce a layi na 2. Inda harafi da lamba suka haɗu, kamar C2, shi za mu kira gida.

Tambaya: Amsa ta fito ban yarda da ita ba. Me zan fara yi?

Kada ka taɓa fomular tukuna. Ɗauki layin yaro ɗaya ka lissafa da hannu, sa'an nan ka debe amsar na'ura daga taka. Bambancin nan shi ne sawun ɓarawo. Yarinyar ta ci 15 da 12 da 48, watau 75. Na'ura ta ce 63. Abin da ya ɓata 12 ne, daidai da makin da ke gidan C2. Ka ga ke nan ba sai mun bi takardar duka ba, mun san gidan da za mu ƙwanƙwasa.

Tambaya: To, ga 12 ina gani da idona a C2. Don me ba a haɗa da ita ba?

Domin abin da ido ke gani lamba, wani lokaci na'ura rubutu take ɗaukarsa, kamar sunan yaro. Haka kan faru in an kwafo makin daga wata takarda, ko in an riga an saita gidan a kan rubutu kafin a zuba maki. Fomularmu ita ce `=SUM(B2:D2)`, ita kuwa SUM tsallake rubutu take yi, ba ta ko yin tari. Akwai alamu biyu. In ba a sake musu zama ba, lamba takan jingina da gefen dama na gida, rubutu kuwa da gefen hagu. Ta biyu ta fi tabbas. Rubuta wannan a wani gida da ba kowa:

```
=COUNT(B2:D2)
```

COUNT lambobi kaɗai take ƙirgawa. Mu 2 ta ba mu maimakon 3. Muka mai da saitin gidan zuwa Number, muka sake buga 12 da hannu, nan da nan jimla ta koma 75. A lura, sake saitin kaɗai ba ya isa, sai an sake buga lambar.

Tambaya: Na nemi matsakaicin gwaji biyu, sai na sami 21, alhali kowane gwaji 20 ne. Yaya aka yi?

Madalla da ka lura, gama matsakaici ba ya taɓa wuce babbar lambar da ke ciki. Lalle abin da ka rubuta shi ne `=B2+C2/2`. Na'ura tana bin dokar da muke koya wa yara a aji: ninkawa da rabawa suna gaba da tarawa da debewa. Saboda haka ta fara raba 12 gida biyu ta sami 6, sa'an nan ta ƙara 15, ya zama 21. Abin da kake nufi shi ne `=(B2+C2)/2`, watau 27 a raba biyu, 13.5. Duk inda ka gama tarawa da rabawa a fomula ɗaya, sa baka biyu ka kewaye abin da kake so a fara yi.

Tambaya: Layin farko ya yi daidai, amma da na ja fomular ƙasa sai `#DIV/0!` ya cika takardar.

Wannan alama tana nufin an nemi a raba lamba da sifiri, ko da gidan da ba kome cikinsa. A ce ka ajiye cikakken makin jarrabawa, 60, a gidan H1, ka rubuta `=D2/H1*100` don ka san kashi nawa cikin ɗari yarinyar ta ci. Za ka sami 80, daidai ne. Amma in ka ja ƙasa, kowane gida da ke cikin fomular yakan sauka da taki ɗaya. Layi na 3 zai zama `=D3/H2*100`, H2 kuwa fayau yake. Magani shi ne ka ɗaure H1 da alamar dala:

```
=D2/$H$1*100
```

Wannan kuskure ya fi muni in akwai wata lamba zaune a H2, gama babu alamar da za ta fito, sai dai amsar ƙarya. Don haka kullum in ka ja fomula, je ka layin ƙarshe ka danna F2. Gidajen da fomular ke ɗiba za su fito da launi kewaye da su, ka gani ko nan ka aike ta.

Tambaya: Matsakaicin ajina ya yi yawa fiye da yadda nake zato.

Duba yaran da ba su zo jarrabawa ba. AVERAGE ba ta lissafa gidan da aka bari ba kome, amma tana lissafa sifiri. A ce yara biyar ne, huɗu sun ci 60, 50, 40 da 70, na biyar bai zo ba. In ka bar gidansa haka, za a raba 220 gida huɗu, a sami 55. In ka sa masa 0, gida biyar za a raba, a sami 44. Na'ura ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, sai dai ka tambayi hedimasta wace ƙa'ida makarantar ke bi, duk azuzuwa su bi ita. Duba kuma ko fomular ta kai layin ƙarshe, musamman in an kawo sababbin yara tsakiyar zango an rubuta su can ƙasa. Adadin da COUNT ta ba ka, gwada shi da na rajista.

Tambaya: Yaro ya ci 40, makin wucewa 40 ne, amma na'ura ta kayar da shi.

Wataƙila 39.5 ya ci. In an saita gida kada ya nuna ɗigo, 40 za ka gani, amma fomula da 39.5 ɗin take aiki. Danna Increase Decimal, ainihin lambar za ta bayyana. In ƙa'idar makaranta ita ce a cika rabin maki, to, cika shi da gaske da `=ROUND(SUM(B2:D2),0)`, domin abin da ke rubuce da abin da ake lissafi da shi su zama ɗaya.

Bayan mun gyara na yarinyar nan, muka sa COUNT ta bi sauran layukan, muka sami yara biyu da irin wannan ciwo, su kuwa ba su ce kome ba. Shi ya sa yanzu ba na barin ɗalibi ya kai wa hedimasta sakamako sai ya lissafa layi uku da alƙalami: na farko, na tsakiya, da na ƙarshe. Aikin minti biyar ne. Wanda ke da wata tambaya, ya kawo ta tare da takardar tasa mu duba.