Ka Gama The Last of Us, Wane Gem Za Ka Buga Yanzu?

Duk wanda ya taɓa gama littafin da ya shiga ransa ya san wannan kewar da ke biyo bayan shafin ƙarshe. Masu buga gem mai labari su ma suna fama da ita, kuma abin da suke yi kusan iri ɗaya ne: su shiga kantin gem na intanet, su duba jerin da aka ce ya yi kama da wanda suka gama, su sayi na farko. Bayan kwana biyu sai su ajiye shi, ransu a ɓace, kuɗi da data sun tafi. Sau da yawa gem ɗin da suka saya ba shi da laifi. Kuskuren tun daga tambayar yake. Sun nemi wanda ya yi kama da tsohon a ido, ba su tsaya sun gano abin da ya riƙe su a cikinsa ba.

Mu ɗauki The Last of Us, wanda kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2013 a kan PlayStation 3. Labarin Joel ne, mutumin da ya rasa 'yarsa ranar da wata annoba ta ɓarke, da Ellie, yarinya 'yar shekara 14 da aka ɗora masa nauyin ratsa Amurka da ita. Cutar tana mayar da mutane dodanni masu cizo. Wannan siffa ta dodanni da rushewar duniya ita ce kantuna irin su Steam suka fi kamawa, domin suna haɗa gem da gem ne ta hanyar alamomin da 'yan wasa suka liƙa musu da kuma abin da mutane suka saya tare. Shi ya sa Days Gone na 2019 yake yawan fitowa a sahun gaba. Shi ma akwai annoba, akwai dodanni, akwai namiji mai baƙin ciki. Amma a Days Gone an sake ka ne a faffaɗan dajin Oregon a kan babur, kana neman mai, kana karɓar aike daga sansani zuwa sansani, wani lokaci kana fuskantar ɗaruruwan dodanni a tashi ɗaya. Yana cin awa talatin ko fiye, alhali The Last of Us hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta kusan awa 15, wadda marubutan suka auna kowane taku a cikinta. Wanda wannan tsararriyar tafiya ta burge zai gaji da Days Gone tun kafin labarinsa ya kankama.

Tambayar da na fi amincewa da ita ita ce: in an ce ka ba wani labarin gem ɗin nan, wane wuri ne zai fara zuwa bakinka? Amsar tana rarraba mutane sosai. Wani zai ce wurin raƙuman dawa a Salt Lake City, inda Ellie ta tsaya tana shafa ɗaya daga cikinsu, Joel yana kallonta. A wurin nan ba a harbi kowa ba. Mai wannan amsa dangantakar babba da ƙarami ce ta kama shi: yadda mutumin da ya rufe zuciyarsa yake buɗe ta a hankali, da hirar da suke yi suna tafe. Wannan mutumin A Plague Tale: Innocence ya dace da shi, na kamfanin Asobo, 2019. Babu bindiga, babu Amurka. Faransa ce ta shekarar 1348, lokacin babbar annoba, inda Amicia take jan hannun ƙanenta Hugo suna gudun sojoji da dubban ɓeraye masu tsoron haske. Makaminta majajjawa ce. A hoto bai yi kama da The Last of Us ba ko kaɗan, amma nauyin da ke wuyanka ɗaya ne, na rayuwar yaron da ba ka isa ka bari ya mutu ba. God of War na 2018, tafiyar Kratos da ɗansa Atreus, shi ma nan ya faɗo, sai dai faɗansa ya fi yawa kuma ya fi buƙatar saurin hannu.

Wani kuma zai ce ɗakin nan mai duhu da dodanni makafi, waɗanda ake kira Clickers, masu farauta da ji. Harsashi uku ya rage maka, ka jefa kwalba can gefe don ka karkatar da su, ka yi sanɗa ka wuce kana riƙe numfashi. Mai wannan amsa ƙarancin kaya da fargaba yake so, wato lissafin ko tsumma da barasar da ya tsinta zai haɗa su ya yi magani ko ya yi bam na wuta, tunda kayan haɗin ɗaya ne. A ba shi Resident Evil 2 da aka sabunta a 2019, ko Metro Exodus. Labarinsu ba zai sa shi hawaye kamar na Joel ba, kuma ba zai damu ba.

Akwai rukuni na uku da aka fi mantawa da su, kuma ni su na fi tausaya wa, domin kantuna ba su da alamar da ta dace da su. Su ne masu shiga kowane kango suna karanta wasiƙun da matattu suka bari. Su ne suka bi takardun Ish, mutumin da ya kafa ƙaramar al'umma a magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, har suka gano ƙarshenta daga zanen yara a bango da rubutun da aka bari, ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba. Faɗa a wurinsu jira ne kawai kafin a koma bincike. What Remains of Edith Finch na 2017 nasu ne: gida guda, kowane ɗaki na wani mamaci ne a dangi, kuma a awa biyu zuwa uku an gama. Babu abokin gaba ko ɗaya.

Tambaya ta biyu tana tace amsar farko: wane ɓangare ka jure kawai don ka ga abin da zai biyo baya? In ka rage wahalar gem ɗin zuwa mafi sauƙi don faɗa ya daina tsayar da kai, hannunka ya riga ya faɗa maka gaskiya, ko da bakinka yana cewa kana son gem na harbi. Haka nan ka tuna yadda ka ji a asibitin ƙarshe, inda Joel ya yanke hukuncinsa ba tare da an tambaye ka ba. In ranka ya sosu don an hana ka zaɓi, nemi The Walking Dead na Telltale, 2012, labarin Lee da ƙaramar yarinya Clementine. A can kai ne za ka zaɓi abin da za a faɗa da wanda za a ceta, cikin daƙiƙu kaɗan. Sai dai ka sani, zaɓin yana canza yadda mutane ke kallonka fiye da yadda yake canza makomar labarin, kuma aikin hannu kaɗan ne a cikinsa. Wanda ya so sanɗa zai ga kamar fim yake kallo.

Kafin ka biya, ka kalli minti goma na ainihin wasan daga tsakiyarsa, ba tallan kamfani ba, domin talla yana nuna wuraren da suka fi kyau ne, tsakiya kuwa tana nuna abin da za ka yi ta maimaitawa. Lura da abin da ɗan wasan yake yi da hannunsa, da yawan lokacin da ake magana. A Steam ana mayar da kuɗi in ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 da saye ba. Datar da ka ƙona wajen saukewa dai ba mai mayar maka da ita, don haka duba girman gem ɗin da ƙarfin kwamfutarka tun kafin ka danna saye.