Abin Da Ya Hana Silikon Ba Da Haske



Silikon shi ne sarkin kayan lantarki. Da shi ake yin ƙwaƙwalwar wayar hannu da ta kwamfuta, da shi kuma ake yin yawancin farantan sola da ke kan rufin gidaje. Amma ƙwan LED ɗin da ke ba da haske a tocilar wayar, ba da silikon aka yi shi ba, duk da arharsa da yawansa a cikin yashi. Shirinmu na yau zai duba dalilin hakan.

A cikin sinadarai irin su silikon, ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron suna da matakai biyu na kuzari: na ƙasa, inda suke a ɗaure, da na sama, inda suke yawo su ɗauki wuta. Tsakanin matakan akwai giɓi da babu ilektiron da zai iya zama a cikinsa. Idan batir ya tura ilektiron zuwa matakin sama, ya kuma samar da gurbi a na ƙasa, ilektiron ɗin zai so ya faɗo ya cike gurbin. Kuzarin da ya saki wajen faɗowar yana iya fitowa a matsayin ɗigon haske, wato foton, ko kuma ya tashi a banza a matsayin zafi.

Faɗin giɓin shi ke yanke launin hasken, kuma lissafin mai sauƙi ne. Ana auna giɓin da ma'aunin ilektiron-bolt. A raba 1240 da wannan adadi, sai a sami tsawon zangon hasken a ma'aunin nanomita. Idon mutum yana ganin daga kusan 400, wato shuɗi mai duhu, zuwa kusan 700, wato ja. To amma faɗin giɓi launi kaɗai yake faɗa. Yawan hasken kuwa, siffar giɓin ce ke yanke shi.

Dokar kimiyyar lissafi ta ce a kowace faɗowa abu biyu ne za su daidaita: kuzari, da kuma ƙarfin tafiyar ilektiron tare da alƙiblarsa. Foton yana iya kwashe kuzari mai yawa, amma ƙarfin tafiyar da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba. Saboda haka faɗowar da za ta haifi haske sai ta zama ba ta canza ƙarfin tafiyar ilektiron ba.

A wasu sinadaran, ilektiron da ke gindin matakin sama da gurbin da ke ƙololuwar matakin ƙasa ƙarfin tafiyarsu ɗaya ne. Wannan shi ne miƙaƙƙen giɓi. A wasu kuma, irin su silikon da jamaniyam, sun saɓa, shi ne karkataccen giɓi. Kamar mangwaro ne da kwando: in kwandon yana ƙarƙashin ɗan mangwaron daidai, da ya tsinke sai ciki, in kuwa yana gefe, sai an dace da iska ta kaɗa shi a daidai lokacin da ya tsinke. A cikin silikon, wannan iskar ita ce girgizar ƙwayoyin zarra na sinadarin, wadda ake kira fonon. Dole ilektiron da gurbi da fonon su haɗu a lokaci guda, kuma irin wannan dacewa ba ta cika faruwa ba.

Bambancin yana fitowa fili a wajen lokaci. A sinadarin galiyam asanaid, mai miƙaƙƙen giɓi, ilektiron yana sakin haskensa cikin 'yan kaso kaɗan daga cikin biliyan na daƙiƙa. A silikon, jiran yana kai kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko fiye. Kafin lokacin ya cika, yawanci ilektiron ya riga ya faɗa wani tabo ko gurɓataccen wuri a jikin sinadarin, kuzarinsa ya koma zafi.

Tarihin jan ƙwan LED ya nuna wannan iyaka ƙarara. Giɓin galiyam asanaid 1.42 ne, wanda ke ba da haske mai zangon kusan 870, hasken da ido ba ya gani. Danginsa ne ke bakin rimot na talabijin, shi ya sa mai danna rimot ba ya ganin komai, alhali kyamarar wayoyi da dama tana nuna ƙyallin. A 1962, Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya sauya wani kaso na asanik ɗin da ke cikin galiyam asanaid da fosfaras don ya faɗaɗa giɓin. Idan fosfaras ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari, giɓin yana kai 1.9, hasken ya koma ja mai zangon kusan 650.

Sai mutum ya ɗauka da an ƙara fosfaras za a wuce zuwa ruwan ɗorawa da kore. Launin kam yana matsawa, amma da an haura kusan kashi 45, giɓin sai ya karkace, hasken ya dusashe. Galiyam fosfaid zalla yana da giɓin 2.26, daidai da kore, amma karkatacce ne. Dabarar da injiniyoyi suka samo ita ce barbaɗa naitirojin kaɗan a ciki. Ƙwayar naitirojin tana tsare ilektiron a ɗan ƙanƙanin wuri, wanda hakan ke sassauta sharaɗin ƙarfin tafiya. Da haka aka sami ƙananan fitilu kore da ruwan ɗorawa na jikin tsofaffin rediyoyi, masu isar nuna cewa na'ura a kunne take, marasa isar haska ɗaki.

Shuɗi ma haka ya sha fama. Tun 1907 Henry Round ya ga haske na fita daga silikon kabaid, kuma daga 1989 aka riƙa sayar da shuɗin ƙwai da aka yi da shi. Amma giɓinsa karkatacce ne, abin da yake mayarwa haske bai kai kaso ɗaya cikin dubu na wutar da yake sha ba. Mafita ta zo daga galiyam naitiraid, mai miƙaƙƙen giɓi na 3.4. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, su suka shawo kan wahalar sarrafa shi. Da aka gauraya masa indiyam, giɓin ya sauko zuwa kusan 2.7, aka sami shuɗi mai ƙarfi a 1993. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Farin ƙwan da ake amfani da shi yau wannan shuɗin ne, an lulluɓe shi da hoda mai mayar da wani sashensa ruwan ɗorawa.

Dokar tana aiki wajen shan haske ma. Galiyam asanaid mai kaurin maikiromita biyu ko uku ya isa ya shanye yawancin hasken rana, amma ƙwayar sola ta silikon takan haura maikiromita 100. Da irin wannan awo ake gane siffar giɓi a ɗakin gwaji: a miƙaƙƙe, shan haske yana tashi farat ɗaya da zarar kuzarin foton ya kai faɗin giɓin, a karkatacce kuwa, a hankali yake hawa.

Duk da haka silikon bai rasa haske gaba ɗaya ba. Idan aka tura wuta cikin farantin sola a ɗaki mai duhu, yana fitar da raunannen haske da ido ba ya gani, kuma masana'antu suna ɗaukar hotonsa da kyamara ta musamman don gano tsagewar da ke ɓoye a farantin kafin a kai shi kasuwa.