Minti Goma Kafin Tambayoyi

A wani sashe na wata jami'a a arewacin Najeriya, ranar kare kundin digiri na biyu ba ta ɓoyuwa. Tun da safe masinja zai share ɗakin taro, a jera ruwan gora a kan tebur, a kunna janareto saboda majigi. Ɗalibai na baranda cikin manyan kaya, kowa rungume da kundinsa, leɓe na motsi. Abin da suke bita shi ne jawabin buɗewa, wato taƙaitaccen bayanin da za a nemi kowannensu ya yi da baki kafin a fara yi masa tambayoyi.

A ciki, shugaban sashe ke jagorantar zama. Gefensa akwai mai jarrabawa na waje, wanda aka gayyato daga wata jami'a, sai na cikin gida, da wakilin makarantar karatun gaba da digiri. Malamin da ya duba aikin yana nan, amma yawanci bakinsa a rufe. Shugaba zai ce: "Malama, muna ba ki minti goma, gaya mana abin da kika yi."

Minti goma ba su ɗaukar abin da ya wuce shafi uku ko huɗu idan ana magana a natse, ga kundi mai babi biyar da ya haura shafi ɗari. A nan ake gane wanda ya shirya. Da yawa sukan ɓata rabin lokacin a kan gaisuwa da shimfiɗa da bitar ayyukan da suka gabata, sai ka ji an ce, "Wuce zuwa sakamako," alhali ba su ko ambaci manufar binciken ba. Masu jarrabawa sun riga sun karanta kundin, sun cika gefen shafukansa da jan biro. Abin da suke son ji shi ne ko wannan da ke tsaye ita ce ta yi aikin.

A ce ɗalibar daga fannin tattalin arzikin noma take, ta yi bincike kan yadda manoman wata ƙaramar hukuma suka karɓi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska. Bayan "Ranka ya daɗe shugaba, malamaina, barkanku da warhaka," jimla biyu sun ishe ta faɗin matsalar: ƙwari na cinye wake a ajiya, manoma na zuba masa guba, ga buhun da ba ya bukatar magani amma ba kowa ke saye ba. Sai manufofinta, sai yadda ta zaɓi waɗanda ta tambaya. Fiye da rabin lokacin na sakamako ne, kuma a jere yadda ta jera manufofin, ta farko da amsarta, ta biyu da amsarta.

Wurin zaɓen manoman ne aka fi yin tuntuɓe. Idan ta ce manoma 1,000 ne a rajista kuma ta bi ƙa'idar Yamane ta 1967 da kuskuren kashi biyar cikin ɗari, lissafin 286 zai bayar. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 kuwa 278 ya bayar ga wannan adadin. To idan bakinta ya ce Yamane, babi na uku kuma ya nuna 278, mai jarrabawa na waje zai ɗaga kai ya buɗe shafin, kuma daga nan tambayarsa ta farko za ta fito. Haka in ta ce karatun boko ne "ya sa" manomi sayen buhun, alhali takardar tambayoyi da aka raba sau ɗaya alaƙa kawai take iya nunawa. Wataƙila mai karatun shi ne mai kuɗin, buhun kuma ya fi na yau da kullum tsada.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne karanta tsakuren kundin kai tsaye. An rubuta tsakure don ido, jimlolinsa dogaye ne, cike da alƙaluma. Kunne ba ya riƙe su. Wasu kuma haddacewa suke yi tamkar karatun allo, da an katse su da tambaya ɗaya sai zaren ya tsinke, a koma farko. Waɗanda suka fi burge malamai su ne masu riƙe da 'yar takarda mai kanun magana, suna duban mutane, suna kuma faɗin gazawar aikinsu da kansu: "Ƙauyuka huɗu kawai na shiga, kuma bayan girbi ne, don haka ban ce haka abin yake a duk jihar ba." Sun rage wa mai tambaya aiki ke nan.

Bayan tambayoyi akan ce ɗalibar ta ɗan fita. Idan aka kira ta, yawanci hukuncin shi ne ta ci, da sharaɗin gyare-gyare, kuma mai jarrabawa na cikin gida ne zai duba ya sa hannu kafin a kai kundin wurin ɗauri.