Yadda ake sauya fayil ba tare da an katse dashbod ba

A kamfanoni da yawa, manaja ba ya buɗe takardun ciniki da kansa. Dashbod yake dubawa, wato allon da ke zuƙo alƙaluma daga wani fayil da ke ajiye a intanet, ya mayar da su zane da jimilla. Rigima takan taso ne ranar da ma'aikaci ya goge tsohon fayil, ya ɗora sabo da suna iri ɗaya, sai gari ya waye allon na nuna cinikin watan jiya, ko ma ya ƙi buɗewa sam.

Dalili kuwa shi ne Google Drive ba ruwansa da suna. Kowane fayil yana da lambarsa ta shaida, wannan doguwar cakuɗar haruffa da ke cikin adireshinsa, kuma ita dashbod ya riƙe. Drive ma yakan bar fayil biyu masu suna ɗaya su zauna a folda guda. Sabon fayil sabuwar lamba yake samu, ko da sunansa bai bambanta da na da ba ko da harafi.

A ɗauki mai lissafin wani shagon sari da ke fitar da cinikin wata a fayil ɗin CSV, dashbod ɗinsa na Looker Studio kuma yana karanta wani Google Sheets. Abin da zai yi shi ne ya buɗe wannan tsohon Sheets ɗin, ya tsaya a shafin da aka haɗa, ya shiga File, sannan Import, ya zaɓi Replace current sheet. Abin da ke ciki ya sauya, lamba da adireshi suna nan daram. Idan fayil ne na Excel ko CSV da ke zaune a Drive yadda yake, sai a bi ta Manage versions a danna Upload new version. Tsohon zubin yakan ɓace bayan kwana 30, ko in an tara sababbi 100, sai fa in an sa masa Keep forever.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne layin farko, mai ɗauke da sunayen ginshiƙai. Idan ginshiƙin da ake kira Kudi ya dawo Jimla a sabon zubi, zanen da ya dogara da shi zai lalace duk da adireshin lafiyarsa lau. Ko dai a mayar da tsohon sunan, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko a danna Refresh fields a sake haɗa zanen.

Kada kuma a yi gaggawar ɗaga hankali. Looker Studio yakan riƙe bayanan Sheets na minti 15 kafin ya sake lekawa, amma Refresh data na tilasta masa nan take. Daga nan sai mai lissafin ya gwada kwanan wata na ƙarshe da jimillar kuɗi a allon da abin da ke cikin CSV ɗinsa, kafin ya sanar da manaja.