Ba Kowane Sarki Ake Ce Wa Mai Martaba Ba

Takardar gayyata kan lalace tun daga layin farko, inda ake rubuta sunan wanda aka aika wa. Sakataren fada ko na ofis wurin yake fara dubawa, kuma takardar da ta sauya wa maigidansa matsayi tana iya kwana a cikin aljihun tebur.

An fi yin tuntuɓe a kan sarauta. A Najeriya, Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne, wato Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III, wanda ya hau gadon sarauta a 2006. Mai Martaba kuwa na sarakuna ne irin su Sarkin Zazzau, Sarkin Katsina da Lamiɗon Adamawa. Sai dai kalmar "Sarki" tana ruɗar masu rubutu. Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano suna cikin masu zaɓen sarki, amma ba su ne sarkin ba, don haka Mai Girma ake ce musu, kamar sauran hakimai. Wanda ya rubuta wa hakimi Mai Martaba bai karrama shi ba, ya jefa shi cikin jin nauyi ne, musamman idan a gaban sarkinsa za a karanta takardar.

A ce makaranta za ta gayyaci wani hakimi, Madakin masarautarsu, wanda farfesa ne kuma ya sauke farali. Sai a fara da Mai Girma Madakin masarauta kaza, sannan Farfesa Wane Wane. Dole a haɗa sarautar da sunan masarautar, domin Madakai suna da yawa. Dakta ba ya shiga, Farfesa ya riga ya wadatar. Alhaji ya danganta da yadda mutumin yake rubuta sunansa, saboda haka a duba wasiƙar da ta fito daga ofishinsa, ko a tambayi sakatarensa. A ganina jera laƙabi biyar kafin suna cunkoso ne kawai. In kuwa jami'a ce ta kira shi ya tantance kundin ɗalibi, Farfesa Wane ya isa, tunda da rigar malanta aka gayyace shi.

Gwamna da minista Mai Girma ne, alƙalin babbar kotu Mai Shari'a. Janar da ya bar aiki a ƙara masa "mai ritaya".

A cikin wasiƙar ma gaisuwa tana bin matsayi: Allah ya taimaki Sarki ga sarki, Allah ya gafarta Malam ga malamin addini, ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe ga sauran manya. Kafin a buga, a tabbatar da matsayin mutum na yanzu, domin Daktan bara yana iya zama Farfesan bana, kuma masarauta takan ɗaga hakimi daga wata sarauta zuwa wata.