Ɗakuna nawa za su ishi taro biyar?

Mai kula da ɗakunan taro a otal yakan wayi gari da takarda irin wannan a gabansa: taron farko daga 9:00 zuwa 10:30, na biyu 9:30 zuwa 12:00, na uku 10:00 zuwa 11:00, na huɗu 10:30 zuwa 11:30, na biyar kuma 11:00 zuwa 13:00. Kowane ɗaki da zai buɗe, sai an share, an jera kujeru, an kunna na'urar sanyaya iska. To, ɗakuna nawa ne dole?

Dabarar da masana kwamfuta ke bi tana farawa da abin da ido ba zai so ba: a raba kowane taro da lokacin tashinsa. A jera lokutan farawa su kaɗai, daga na sassafe: 9:00, 9:30, 10:00, 10:30, 11:00. A jera na tashi daban: 10:30, 11:00, 11:30, 12:00, 13:00. Sai a bi agogo, in an fara taro a ƙara ɗaya, in an tashi a rage ɗaya, kamar mai gadi da ke ƙirga masu shiga da fita ba ruwansa da sunan kowa.

Da 9:00 ɗaki ɗaya ke aiki, da 9:30 biyu, da 10:00 uku. A 10:30 ne gizo ke saƙa, domin wani taro na tashi daidai lokacin da wani ke farawa. Idan aka fara cire wanda ya tashi, lissafi ya sauka biyu ya koma uku. Wanda ya fara da ƙari kuwa zai ga huɗu, ya buɗe ɗakin da ba kowa a ciki. Haka ma a 11:00. Adadi mafi girma da aka gani a hanya shi ne amsa, wato uku.

Ƙasa da uku ba zai yiwu ba, tunda da ƙarfe goma taro uku ne ke gudana. Fiye da uku kuma asara ce, don ba a buɗe sabon ɗaki sai duk na buɗe suna da mutane.

Amfaninta yana fitowa ne idan jerin ya yi tsawo. Taro 1,000, in za a gwada kowanne da ɗan'uwansa, gwaji 499,500 ke nan, alhali jera lokuta dubu na cin wajen 10,000 kawai, sannan a bi su sau ɗaya.

Sai dai lissafin ya ɗauka duk ɗakuna ɗaya suke, ko oho da mutum nawa kowanne ke ɗauka. Idan kuma shara na cin minti 15, sai a ƙara su a kan kowane lokacin tashi. A wannan takardar, hakan zai sa taron farko ya riƙe ɗakinsa har 10:45, na huɗu ya iso ya tarar ba wuri, amsa ta koma huɗu.