Randebun likita: idan zuwa ba zai yiwu ba, yaushe za a kira, me za a ce?

Ranar Litinin da dare aka yi mana rasuwa a wani ƙauye kusa da Tasawa. Innata, ƙanwar mahaifiyarmu, tana da randebu da likitan zuciya ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma a wata kilinik mai zaman kanta a nan Maraɗi, ga shi kuma a ranar ce dangi suka tsayar da sadakar uku. Ɗanta da ke Abijan shi ya turo kuɗin ganin likita, shi ya kama layin ta waya tun wata biyu da suka wuce. Da ya kira ni cewa ya yi: «Yaya, a bar shi kawai, in an gama zaman makoki sai ta je.»

Haka da yawanmu muke yi. Ba mu soke randebu, ƙin zuwa kawai muke yi, sai daga baya mu bayyana da karne a hannu muna neman alfarma.

Abin da ba a gani daga waje shi ne yadda layin yake. A irin waɗannan kilinik, ƙwararren likita sau da yawa ba a nan yake wuni ba. Da safe yana babban asibiti, da yamma ya zo ya duba mutane na ƴan awoyi. Likitan Inna Talata da Alhamis kaɗai yake zuwa. Sakatariya tana da babban littafi, kowace rana da adadin sunayen da za ta iya ɗauka, idan ya cika sai ta tura mutum mako na gaba. Sunan da ke cikin littafin ya tare gurbi ko mai shi ya zo ko bai zo ba. Wanda ya yi shiru ya hana wani marar lafiya da aka ce wa babu wuri, shi ma kuma ya koma ƙarshen layi.

To yaushe ne «da wuri»? Ma'aunin ba agogonka ba ne, lokacin da sakatariya ke buƙata ne ta kira wani ya shirya. Wanda za a ba gurbin yana iya kasancewa a Dakwaro ko Mayahi, sai ya nemi kuɗin mota, ya nemi ɗan rakiya, wataƙila ma ya kwana a gari. Shi ya sa kwana biyu ya fi dacewa, kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci. Kiran da aka yi saura awa ɗaya ya fi shiru, amma da wuya ya amfani wani. Akwai kuma tarkon ƙarshen mako: randebun Litinin da safe, tun Alhamis ya kamata a ɗaga shi, ko Juma'a kafin masallaci, domin wurare da dama suna tashi da wuri ranar Juma'a.

Na kira ranar Talata da safe, bayan na sa an ɗauko mini hoton karnen Inna da rasit. Wannan ya rage wahala, don sunaye irin su Hadiza da Mariyama sun cika littafin, sai an haɗa da sunan uba da rana da awa ake gane mutum. Abin da na faɗa bai wuce haka ba:

«Ina kwana Madam. Ina kira ne saboda randebun mahaifiyata, wance ɗiyar wane, jibi Alhamis ƙarfe 4 wajen likitan zuciya. An yi mana rasuwa, ba za ta samu zuwa ba. Ku yi haƙuri, ku ba wani wurin. Don Allah wace rana ce mafi kusa da za ku iya sake ba ta?»

Ba sai an yi dogon bayani ba, ba sai an ƙirƙiro ƙarya ba. Amma a ce «ba za ta zo ba» a fili. Irin «za mu gani» da «in ta samu hali» da muke ganin ladabi ne, su ne suke sa a bar sunan a littafi, gurbin ya tafi a banza. Kuma a nemi sabuwar rana cikin kiran nan ɗaya, kada a ce za a sake kira.

Ta yi mana ta'aziyya, ta buɗe littafi: Talata da Alhamis na mako mai zuwa duk sun cika, sai Talatar da ke bi musu. Kwana 12 ke nan bayan ranar farko. Na yi godiya, har zan kashe waya, sai ta tambaye ni ko maganin Inna zai kai.

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma nan ne ainihin haɗarin yake. Likita ba ya sa ranar dawowa da ka, yakan daidaita ta da maganin da ya rubuta. Inna tana shan ƙwayar hawan jini ɗaya kullum. An rubuta mata kwali biyu, kowane ƙwaya 30, aka ce ta dawo bayan mako 8. Da aka ƙirga, bayan ta sha ta ranar Alhamis ɗin, ƙwaya 4 za su rage. Za su kai ta Litinin, daga nan ta yi kwana 8 babu magani kafin ta ga likita. Hawan jini kuwa yakan tashi ba tare da mutum ya ji komai ba, tsohuwa tana cewa lafiya lau take alhali awon ya hau. Sakatariya ta ce za ta nuna wa likita karnen da yammar nan, in ya amince ya sabunta ordonansi. Ya sabunta, na karɓa ranar Laraba, na saya a farmasi na ba direban Tasawa.

Sauran tambayoyin biyu ni na yi su. Na farko, kuɗin da aka riga aka biya: kowace kilinik da dokarta a kan tsawon lokacin da rasit yake aiki, don haka a tambaya, kada a ɗauka. Namu an ce yana nan. Na biyu, gwajin jini da aka ce ta yi kafin ta zo. Da yake ba ta riga ta yi ba, sai aka matsar da shi kusa da sabuwar ranar, don likita ya ga sakamako na kwanan nan. Na kuma roƙa a rubuta lambata a gefe, idan wani ya soke nasa a kira mu. Daga ƙarshe na maimaita ranar da awar da bakina, na tura su a rubuce ga ɗanta da kuma yarinyar da ke kula da ita, domin saƙon murya yakan nutse cikin gaisuwar ta'aziyya.

Ga ƴan uwa da ke waje: mutum ɗaya ya riƙe maganar. Idan na Abijan ya kama layi, na Maraɗi ya ɗaga, na ƙauye ya sake kira, sai a wayi gari suna biyu a littafi ko babu ko ɗaya. Kuma lambar da za a bari ta zama ta wanda ke cikin ƙasa, sakatariya ba za ta ƙona kiredinta tana kiran waje ba.

A banki ma tsarin ɗaya ne idan kana da alkawari da ma'aikacin da ke riƙe da takardunka na neman bashi, sai dai can abin da ke ƙarewa ba magani ba ne, takardu ne. Wasu ana son su zama na watannin baya-bayan nan, don haka tambayi ko naka za su kai sabuwar ranar.

Akwai randebun da ba sakatariya ce za ta yanke ɗaga shi ba: karɓar maganin tarin fuka ko na sida, wankin ciwo bayan tiyata, awon ciki idan haihuwa ta matso. A nan a nemi magana da likita ko ungozoma, kuma a fara tambayar ko za a iya zuwa kafin ranar maimakon bayanta. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko mai ciki da ta ga jini, ba maganar randebu ba ce, sashen gaggawa za a nufa nan take.

Inna ta zo ranar Talatar, da karne da sakamakon gwaji da ragowar kwalin magani a jaka. Ita ce ta uku da aka kira.